Yadda ake rubuta hirar ɗalibai biyu kan dokokin Newton, da kurar ɗan ga-ruwa

Tun da aka shiga zangon nan ɗalibai daga Samaru, Tudun Wada da Sabon Gari suke ta aiko mini tambaya iri ɗaya: malamin fiziks ya ce mu biyu mu fito gaban aji mu yi bayanin dokokin Newton uku ta hanyar hira, to ta ina za mu fara? Abin da aka saba gani shi ne a raba darasin biyu, wannan ta haddace doka ta farko, waccan ta haddace ta biyu, su tsaya suna karanto wa juna. Wannan ba hira ba ce, kuma aji ba ya ƙaruwa da komai. Hira tana aiki ne idan ɗaya daga cikin biyun ta ƙi yarda, ta fito da shakkar da ke ran sauran 'yan aji, ɗayar kuma ta warware mata da abin da kowa yake gani a kan titi. A kan wannan na gina matakan da ke ƙasa.

1. Ku fara jin ta bakin malami

Kafin ku rubuta ko kalma ɗaya, ku tambayi malaminku abu uku: minti nawa ya ba ku, da wane harshe za ku yi, kuma yana son lissafi a allo ko bayanin baki kawai. Idan bai ƙayyade lokaci ba, ku nufi minti bakwai zuwa takwas, domin a bar wa tambayoyi wuri. Idan da Turanci ya ce, duk da haka ku fara tsara hirar da Hausa, sai kun tabbata kun gane sannan ku juya ta. Abin da ɗalibi ya kasa faɗa wa ƙanensa da Hausa, bai riga ya gane shi ba.

2. Ku raba aiki: mai gardama da mai warwarewa

Ɗaya ta zama mai gardama, ɗaya mai warwarewa. A misalin nan Safiya ce mai gardama, Hauwa ce mai warwarewa.

Gargaɗi: kada ku ba wadda ta fi rauni aikin gardama da tunanin cewa shi ne mai sauƙi. Mai gardama ita ce take riƙe da linzamin hirar, sai ta san inda kowace tambaya za ta kai. Kuma kada a mai da ita wawiya. Tambayoyinta su zama na mai hankali, irin waɗanda duk wanda ya taɓa tura kaya zai yi.

3. Ku zaɓi misali ɗaya da zai ɗauki dokokin uku

Nan ne yawancin hirarrakin suke watsewa. Sai a kawo jirgin sama a doka ta farko, bindiga a ta biyu, roka a ta uku, aji ya rasa abin kamawa. Shawarata ita ce ku riƙe kurar ɗan ga-ruwa daga farko har ƙarshe. Babu ɗalibin Zariya da bai taɓa ganin ana tura ta ba, kuma lissafinta yana zuwa da sauƙi saboda litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 tana ɗauke da ruwa kilo 25, jarka goma kilo 250 ke nan. Mu ƙaddara kurar kanta da jarkokin babu ruwa kilo 50 ne, gaba ɗaya ya zama kilo 300.

Ku ƙara misali ɗaya kacal daga gefe, wato birkin motar haya, saboda kowa ya ji shi a jikinsa. Ya isa haka.

4. Kayan aiki

Kofin silba ko na roba, katin da bai lanƙwashe ba kamar tsohon katin shaidar makaranta, tsabar kuɗi ɗaya, balan-balan biyu, da alli. Tsabar kuɗi ta yi wuya yanzu, don haka ƙaramin makulli ko maɓalli mai ɗan nauyi zai yi. Abin saye a nan balan-balan ne kawai, shi ma a shagon unguwa ake samu. Ku sayi biyu don ɗaya yakan fashe a jaka. Ba sai kun kashe kuɗi kan babban kwali da maka ba, zanen kura a allo ya wadatar: akwati ɗaya, tayoyi biyu, mutum a baya.

5. Ku daidaita kalmomi huɗu kafin rubutu

Ƙarfi shi ne turi ko ja, ana auna shi da niyuton, alamarsa N. Mas shi ne yawan kilon abu, alamar ma'auninsa kg. Ƙaruwar gudu ita ce yadda gudu yake sauyawa a kowane sakan, ana rubuta ma'auninta m/s². Gogayya ita ce ƙarfin da ke hana abu zamewa ko gangarawa a kan wani. Ku tsaya a kan waɗannan har ƙarshen hirar, kada a ce ƙarfi a nan, a ce kuzari a can.

Gargaɗi: a maganar yau da kullum nauyi muke ce wa kilo, amma a fiziks nauyi ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi ne, kuma da niyuton ake auna shi. Kurar nan mas ɗinta 300 kg ne, nauyinta kuwa kusan 3000 N idan aka ɗauki jan ƙasa a matsayin 10 m/s². Malami zai kama ku a nan idan kuka haɗa su.

6. Buɗewa da doka ta farko

Sallama da gabatarwa kada su wuce layi uku. Ga yadda za a rubuta:

Hauwa: Assalamu alaikum. Malam, barka da warhaka, 'yan uwana ɗalibai barkanku. Ni da Safiya za mu yi magana kan dokoki uku na motsi waɗanda Isaac Newton ya wallafa a 1687. Ta farko ta ce: abin da yake tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu ɗaya, sai in wani ƙarfi daga waje ya rinjaya a kansa.

Safiya: Tsaya, Hauwa. Rabin farko na yarda, kura ba ta tashi da kanta. Amma rabin na biyu ban yarda ba. Ɗan ga-ruwan layinmu da ya saki kurarsa sai ta ɗan gangara ta tsaya. Wa ya tsayar da ita? Babu wanda ya taɓa ta.

Hauwa: A ina ta fi nisa kafin ta tsaya, a kan kwalta ko a cikin rairayi?

Safiya: A kwalta mana. A rairayi ko taku ɗaya ba ta yi.

Hauwa: Ke nan hanyar tana da hannu a tsayuwar. Gogayya ce tsakanin taya da ƙasa, da kuma a gindin tayar inda take juyawa. Da za a rage gogayyar, kurar za ta ƙara nisa. Da za a cire ta ɗungum a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba abin da zai tsayar da ita.

Safiya: To bari in kawo miki wata. Na hau motar Samaru zuwa Sabon Gari, muna isa Kwangila direba ya taka birki, sai na ji an ingiza ni gaba har na daki kujera. Wa ya ingiza ni?

Hauwa: Babu kowa. Ke da motar kuna tafiya da gudu ɗaya. Birki ya kama tayar mota, bai kama ki ba. Motar ta rage gudu, jikinki ya ci gaba da tafiyarsa har kujerar gaba ta tare shi. Wannan ƙin sauya hali shi ake kira inashiya.

A nan za ku yi gwajin kati. Ku ɗora kati a bakin kofi, tsabar kuɗi a tsakiyar katin, sannan Safiya ta ɗalle gefen katin da yatsa da sauri. Katin zai fice, kuɗin ya faɗa cikin kofi.

Gargaɗi: kada Hauwa ta taɓa cewa wani ƙarfi ne ya tura fasinja gaba, ko da wasa, domin shi ne ainihin kuskuren da hirar ta zo gyarawa. A gwajin kuma, abu uku ne suke ɓata shi: ɗallewa a hankali, ɗallewa sama maimakon a kwance, da katin da gumi ya jiƙa. Idan kuɗin ya bi katin ya faɗi ƙasa, ɗaya daga cikin ukun ne ya faru.

7. Doka ta biyu, inda lissafin yake

Wannan kashin ya fi cin lokaci, ku ba shi kusan rabin mintinku. Hauwa ta zana kurar a allo tun kafin ta fara magana, ta ja kibiya doguwa zuwa gaba ta rubuta 200 N, gajera zuwa baya ta rubuta 50 N.

Safiya: Na gane ƙarfi ne yake sauya gudu. Amma yaya zan san nawa zai sauya shi?

Hauwa: Aikin doka ta biyu ke nan, F = ma. Ƙarfin da ya rinjaya daidai yake da mas sau ƙaruwar gudu. Ga kurarmu cike da ruwa, 300 kg, a hanya shimfiɗaɗɗiya. Mu ce ɗan ga-ruwa yana turawa da 200 N, gogayya tana ja baya da 50 N.

Safiya: Sai in raba 200 da 300.

Hauwa: A'a, nan ne ake faɗuwa. Harafin F ba turin mutumin kaɗai ba ne, abin da ya rage ne bayan an cire mai ja baya. 200 a cire 50, saura 150.

Sai ta rubuta a allo:

```
F = 200 N - 50 N = 150 N
a = F / m = 150 / 300 = 0.5 m/s²
```

Safiya: Wannan 0.5 ɗin, me take nufi a kan titi?

Hauwa: Kowane sakan gudun kurar yana ƙaruwa da rabin mita a sakan. Daga tsaye, bayan sakan biyu tana cin mita ɗaya a sakan, wato kamar tafiyar mutum a natse.

Safiya: In ya sayar da ruwan duka fa?

Hauwa: Saura 50 kg. Idan ƙarfin da ya rinjaya bai sauya ba, 150 a raba da 50 ya ba da 3 m/s², ninki shida na ɗazu. Shi ya sa da ya juyo da kura babu ruwa, ɗan taɓawa kaɗan ta zabura.

Safiya: Saura guda. Na ga yana ta turawa daga bakin rijiya har ƙofar gidanmu, amma gudunsa bai ƙaru ba. Ina ƙaruwar gudun ta shiga?

Hauwa: Da kurar ta kama tafiya, ya sassauta hannu. Yanzu 50 N kawai yake bayarwa, daidai da gogayya. 50 a cire 50 sifili ne, ƙaruwar gudu sifili, kura tana tafiya da gudu ɗaya. Kin ga mun komo doka ta farko.

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce na fi so a duk hirar, kuma ko lokaci ya ƙure kada ku yanke ta. Ita ce take nuna wa aji cewa dokokin biyu ba baƙin juna ba ne, kuma ita ce take bayyana dalilin da ya sa tayar da kura ya fi ci gaba da tura ta wuya.

Gargaɗi: ku faɗa a fili cewa 200 N da 50 N ƙaddarawa kuka yi don lissafi, ba awo kuka yi ba. Kada ku saka 3000 N a wannan lissafin, domin nauyi ƙasa yake ja, mu kuwa motsin gaba muke lissafawa. Ku kuma riƙa faɗin cewa hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, don a hawa ko gangara wani kaso na nauyin yana shigowa, lissafin ya sauya. A kura babu ruwa ma gogayyar takan ragu, shi ya sa Hauwa ta ce idan ƙarfin da ya rinjaya bai sauya ba. Kada a jefar da wannan sharaɗin wajen haddacewa.

8. Doka ta uku

Hauwa: Ta uku ta ce: idan abu ya tura wani, shi ma wancan yana mayar masa da turi daidai wa daida, ta fuskar da ta saba. Ɗan ga-ruwa ya tura kura da 200 N, kura tana tura tafin hannunsa baya da 200 N.

Safiya: To ai kin rushe duk abin da kika gina. 200 gaba, 200 baya, saura sifili. Kurar ba za ta motsa ba har abada.

Hauwa: Tambayi kanki, kowanne a kan wa yake aiki? Turin mutumin a kan kura yake. Turin kura a kan mutumin yake. Ba a cire ɗaya daga ɗaya, domin ba jiki ɗaya suka hau ba. Idan motsin kura kike nema, ƙarfin da ke kan kura kawai za ki ƙirga: 200 gaba, 50 baya.

Safiya: Shi kuma mutumin da kura take turawa baya, me ya sa yake yin gaba?

Hauwa: Dubi ƙafarsa. Yana dafe ƙasa yana tura ta baya, ƙasa tana mayar masa da turi zuwa gaba, kuma wannan turin ya ɗara na kurar a lokacin da yake ƙara gudu.

Safiya: Shi ya sa da damina, in layi ya yi taɓo, sai ka ga ƙafarsa tana santsi kurar ta ƙi gaba.

Hauwa: Daidai. Ƙafar ta kasa kama ƙasa ta tura ta, ƙasa ma ba ta da abin mayarwa.

Ku lura cewa Safiya ce ta kawo misalin damina. Haka ya kamata: zuwa ƙarshe mai gardama ta fara gano abin da kanta, aji ya ga gardamar ta yi amfani. Daga nan Safiya ta hura balan-balan ta sake shi. Balan-balan yana tura iska baya, iska tana tura shi gaba. Hauwa ta faɗi wannan a jimla ɗaya tun kafin a sake shi, sannan ku yi godiya ga malam da aji, ku ce kuna jiran tambaya.

Gargaɗi: ku yi bayanin balan-balan kafin ku sake shi. Da zarar ya tashi aji zai kaure da dariya, ba wanda zai ƙara jin ku sai bayan ɗan lokaci. Ku saki bakinsa yana kallon aji, domin ya nufi allo inda babu fuskar kowa kusa, ko ku sake shi ta wajen ƙofa.

9. Gwaji kafin ranar

Ku karanta hirar da ƙarfi, agogon waya yana ƙirga. Idan ta zarce lokaci, ku rage gabatarwa da gwajin balan-balan, kada ku taɓa lissafin. Kada ku haddace kalma bayan kalma, ku haddace jerin tambayoyin Safiya guda bakwai ko takwas, domin in ɗaya ta manta layinta, tambayar za ta dawo da ita hanya. Kowace ta rubuta nata a ƙaramar takarda da za ta shige tafin hannu.

Sau ɗaya ku musanya aiki, Safiya ta yi warwara, Hauwa ta yi gardama. Malamai da yawa sukan juya su tambayi mai gardama, don su ga ko ita ma ta gane ko rakiya kawai ta yi. Sannan ku yi wa wani ƙane ɗan ƙaramar sakandare a gida, ku tambaye shi me ya sa kura take tsayawa in an sake ta. Idan ya ce don ƙarfinta ya ƙare, kashi na shida bai shiga ba, ku sake shi. Idan ya ce gogayya ce, kun yi.

A gaban aji ku tsaya kuna ɗan fuskantar juna amma ƙirjinku yana kallon ɗalibai. Mai rubutu a allo ta gama rubutun, ta juyo, sannan ta yi magana. Wanda ke kujerar baya ba ya jin mai yi wa allo magana.

10. Tambayoyi biyu da za ku shirya wa

Ta farko takan zo daga malam: littafi yana kan tebur, ƙasa tana jansa ƙasa, tebur yana tura shi sama, waɗannan su ne ma'auratan doka ta uku? Amsa a'a ce. Dukansu a kan littafin suke aiki, don haka sukan soke juna, kuma wannan zancen doka ta farko ne. Abokin jan da ƙasa take yi wa littafi shi ne jan da littafi yake yi wa ƙasa. Abokin turin tebur kuma shi ne dannawar da littafi yake yi wa tebur. Hanyar ganewa ita ce a juya sunayen biyu: ƙasa tana jan littafi, littafi yana jan ƙasa. In sunan abu na uku ya shigo, ba ma'aurata ba ne.

Ta biyu daga ɗalibai takan fito: in mangwaro yana jan duniya kamar yadda duniya take jansa, me ya sa mangwaron ne yake faɗowa, duniya ba ta tasowa? Ku koma F = ma. Mangwaro mai 0.3 kg duniya tana jansa da kusan 3 N, a raba 3 da 0.3 ya ba da 10 m/s², shi ya sa muke ganin faɗowarsa. Shi ma yana jan duniya da 3 N ɗin nan, amma idan aka raba 3 da mas ɗin duniya gaba ɗaya, abin da zai fito ya yi ƙanƙantar da babu idon da zai gani. Wannan amsar Safiya ce ya kamata ta ba da ita, ta ɗauki alli ta rubuta rabawar biyu a gefen zanen kurar.